Kogin Argungu a cikin tabarau na VR: kurakuran da ke sa hoto ya riƙa tsinkewa

Wani ƙanena da muke aiki tare a Birnin Kebbi ya gina wasan kamun kifi na Argungu a cikin Unity, manhajar ƙera wasanni, don a kalle shi da tabarau na Quest 2. Ga kogin Matan Fada yana ƙyalli, ga masunta da homa da gora, ga ƙurar hunturu ta rufe gaɓar can. A kwamfutarsa komai sumul yake tafiya. Da na sa tabarau na juya kai sai na ga hannuna ya zama biyu, ban yi minti uku ba zuciyata ta fara tashi. Ya ce, "Yaya, ai na rage masuntan daga ɗari biyar zuwa ɗari, amma ba ta sauya zane ba." Kuskure na farko ke nan, kuma shi ne uban sauran: ya fara yanka kafin ya san inda ciwon yake.

Lissafin farko ba shi da wuya. Idan tabarau na sabunta hoto sau 72 a daƙiƙa, kowane firem, wato hoto guda, yana da milisakan 13.9 kacal. A sau 90 milisakan 11.1 ne, a sau 120 kuma 8.3. Firem ɗin da ya makara ba a jiran sa. Na'urar za ta sake nuna tsohon ne, ta ɗan karkata shi ya bi juyawar kai. Wannan dabarar tana ɓoye juyawar kai, amma ba ta gyara matsawar jiki ko motsin hannu, shi ya sa hannu ke rabuwa biyu. Kuma kada matsakaicin adadi ya ruɗe ka. Wanda ke samun firem 70 maimakon 72 yana ganin kamar ya kusa, alhali kowace daƙiƙa hoton yana tuntuɓe sau biyu a idon mai kallo.

A kan tabarau ɗin ake awo, ba a kwamfuta ba. Haɗa tabarau da kwamfuta ta igiyar USB ka rubuta:

```
adb logcat -s VrApi
```

Kowace daƙiƙa layi zai fito. Dubi `FPS`, wato adadin firem a daƙiƙa, da `Stale` wanda ke ƙirga firem ɗin da aka maimaita, da `App` wanda ke nuna milisakan nawa GPU, wato sashen na'urar da ke zana hoto, ta ɓata kan hotonka. Manhajar OVR Metrics Tool tana nuna irin waɗannan lambobi a gaban idonka cikin tabarau. A wurin ƙanena `App` ya tsaya wajen 17.5, ga shi kuwa 13.9 muke da shi.

Daga nan sai gwajin da ya kamata ya yi tun kafin ya kori masunta. A URP, tsarin zana hoto na Unity, rage girman hoton da rabi:

```
UniversalRenderPipeline.asset.renderScale = 0.5f;
```

Rabi a faɗi da rabi a tsawo yana barin kashi ɗaya cikin huɗu na fiksel, wato ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Idan lokaci bai motsa ba, matsalar ba ta fiksel ba ce, sai a nemi CPU, sashen da ke yin sauran lissafin wasan, ko yawan kusurwoyin siffofi. Namu ya faɗo daga 17.5 zuwa 7. Wato cire kashi uku cikin huɗu na fiksel ya ceto milisakan 10.5, ke nan fenti fiksel gaba ɗaya yana cin 14, sauran aikin duka, har da jikin masuntan, 3.5 ne. Ko da ya kwashe masunta kaf ya bar kogi fayau, ba zai kai 13.9 ba. Na ce masa ya mayar da mutanensa.

Dalilin da fiksel ke cin lokaci haka shi ne yawansu. Allon Quest 2 yana da 1832 sau 1920 a kowane ido, hoton da manhaja ke zanawa a tsarin asali kuma 1440 sau 1584 ne. Ido biyu sun haura fiksel miliyan huɗu da rabi, a ninka sau 72, an wuce miliyan 328 a daƙiƙa, a kan guntun lantarki irin na wayar hannu. Kowane fiksel kuma sai sheda ta bi ta kansa, wato ɗan shirin da ke lissafa launinsa daga haske da zane da inuwa. Kuɗin aikin yana fitowa daga abu uku da ake ninkawa: yawan fiksel, tsadar sheda, da sau nawa aka fenti wuri ɗaya. Duk wanda ka rage a cikinsu ka samu sauƙi, amma ba farashinsu ɗaya ba a idon mai kallo.

Nan kuskure na biyu ya biyo baya. Da ya ga gwajin ya yi aiki, sai ya ce to mu bar girman a ƙasa mu huta. Mu lissafa. Muna son mu sauka wajen 12 don a bar sarari, saboda haka fiksel su ci 8.5 maimakon 14, kusan kashi 61 cikin ɗari. Girman da zai ba da haka wajen 0.78 ne. Mun gwada. Hoto ya daina tsinkewa, amma rubutun allon bayani ya dushe, igiyoyin homa suka riƙa ɓacewa suna dawowa kamar tururuwa na bin su. Rage girma yana cire wa kowane lungu kaifi daidai wa daida, har wurin da ba shi da laifi. Makami ne na ƙarshe, bayan an kama ainihin masu cin lokacin.

Babban mai laifi ruwa ne, kuma a nan na fi ganin mutane suna faɗawa. Shedar ruwan da ya sauko da ita an yi ta ne don kwamfuta mai katin hoto. Tana lanƙwasa abin da ke ƙarƙashin ruwa, tana sa kumfa a bakin gaɓa, kuma don yin haka tana buƙatar a kunna `Opaque Texture` da `Depth Texture`. GPU ɗin Quest tana zana hoto ne fale-fale: ta ɗauki ƙaramin yanki cikin ƙwaƙwalwarta mai sauri, ta gama shi, ta rubuta shi waje sau ɗaya. Da ka ce sheda ta karanta hoton da aka riga aka zana, ka tilasta mata ta tsaya tsakiyar aiki, ta kwashe komai zuwa babbar ƙwaƙwalwa, ta kwafa, ta dawo da shi. Kamar mai ɗinki ne da za a ce duk hannun riga ɗaya sai ya kai shago na gaba an duba kafin ya ci gaba. Ga shi kuma kogin ya cinye rabin abin da ido ke gani.

Abin dariyar shi ne, wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ranar kamun kifi ya san ruwan ba garau yake ba. Dubban ƙafafu sun dama shi ya zama ruwan laka, ba a ganin komai ƙarƙashinsa. Sai muka mai da shi abu mai duhu wanda ba a gani ta cikinsa, muka kashe waɗancan saituna biyu. Igiyar ruwa ta koma zane biyu masu gudana a kan juna, ƙyallin sama kuma daga hoton da aka gasa, wato aka lissafa aka ajiye, tun farko. Kumfar gaɓa muka zana ta da launin kusurwoyin siffar. Ruwan ya fi kama da na gaskiya, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba.

Ƙura ita ce ta biyu. Ya yi ta da manyan faifai masu shara-shara guda talatin, jere bayan juna. Abu mai duhu idan ya rufe wani, GPU tana iya tsallake na bayan. Mai shara-shara kuwa dole a fenti kowane ɗaya, saboda haka fiksel guda a tsakiyar ƙurar ana iya lissafa shi sau goma ko fiye, ko da rabin faifan fanko ne. Alamar wannan ciwo ita ce lokaci ya yi tsalle idan ka fuskanci ƙurar, ya sauka idan ka juya mata baya. Mun cire faifan muka sa hazo na cikin sheda, wanda ke gauraya launin abu da launin ƙura gwargwadon nisansa, muka bar faifai huɗu ƙanana kusa da ƙafafun masu gudu.

Sauran gyaran ba su da dogon labari. Komai na filin yana kan shedar `Lit` mai tsada, har gora da rumfunan da ba sa motsi. Marasa motsi muka gasa haskensu muka mai da su `Baked Lit`, masunta suka koma `Simple Lit`, fitila mai aiki nan take ta rage guda ɗaya, rana. A shedar da muka rubuta da hannu launuka sun koma `half`, nau'in lamba mai sauƙin lissafi amma ƙarancin daidaito, maimakon `float`, amma lissafin matsayi da na shimfiɗa zane a faɗin kogi mun bar su a `float`, don da muka taɓa su igiyar ruwa ta fara kakkarwa. `Bloom` ma ya tafi, tunda duk wani ado da ake yi bayan an gama zane sai ya sake bin kowane fiksel. Abin da ban yarda a taɓa ba shi ne MSAA, dabarar da ke daidaita bakin siffofi. Mutane da yawa shi suke fara kashewa saboda sun saba da tsadarsa a wasu wurare, alhali a GPU mai aiki fale-fale ana gama shi ne cikin ƙwaƙwalwa mai sauri, kuma idan babu shi bakin kowane abu zai riƙa rawa. Mun bar shi a 4x.

Bayan wannan duka, fiksel suka sauko daga 14 zuwa wajen 10, jimla 13.5. Ƙanena ya ce an gama, tunda an shiga ƙasa da 13.9. Ba a gama ba. Awon da safe muka yi shi, tabarau na da sanyi. A watan Afrilu a Kebbi, ɗaki ba wuta ba fanka, na'urar tana ɗumama cikin mintuna, idan ta yi zafi kuma tana rage gudun kanta don kada ta lalace. Sararin milisakan 0.4 ba zai tsira ba. A nan ne rage girma ya samu gurbinsa: 0.9 yana barin kashi 81 cikin ɗari na fiksel, 10 ya koma 8.1, jimla 11.6, rubutu kuma yana karantuwa.

Sai muka ƙara da rage kaifin gefe-gefe, inda gilashin tabarau dama yake dusar da hoto:

```
OVRManager.foveatedRenderingLevel =
    OVRManager.FoveatedRenderingLevel.Medium;
```

Hattara biyu a nan. Quest 2 ba ya bin ƙwayar ido, tsakiyar allo kawai yake karewa, don haka rubutun da ka manna a gefe zai farfashe, musamman a `High`. Mun matso da allon makinmu tsakiya. Na biyu, idan ka bar ado na bayan zane a kunne, filin yana iya zanuwa a wani hoto na wucin gadi wanda wannan saitin bai shafa ba, ka kunna ka ga lamba ba ta motsa ba. Ka duba `App` kafin da bayan kunnawa, kada ka ɗauka ya yi aiki.

Gwajin ƙarshe da azahar muka yi shi. Na sa shi ya tsaya a wuri mafi nauyi, bakin ruwa yana fuskantar taron lokacin da kowa ya ruga cikin kogi, ya riƙa juya kai har minti ashirin, ni kuma ina kallon `Stale` a kwamfuta. Ya zauna a sifili, in ban da lokacin loda filin. Shi kuwa ya cire tabarau gumi ya jiƙa masa fuska, yana tambaya ko yanzu zai iya ƙara kwalekwalen makaɗa.