Yadda ake jera hanyoyin bincike biyu a shafi ɗaya, da Faransanci da Hausa

Ɗalibin masta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi zai rubuta kundinsa da Faransanci, amma manomin da zai yi wa tambayoyi a karkarar Agiye da Hausa zai amsa. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su yi wannan shafi kafin su taka ƙauye.

Da farko ka raba takarda gida biyu. Hagu na binciken ƙididdiga ne, wanda ake kira kantitatif, dama kuma na binciken zurfafa hira, wato kalitatif. A kowane gida ka rubuta Faransanci a sama, Hausa a ƙasansa.

Sai ka ɗauki batu guda ka yi masa tambaya iri biyu. Mu ce sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon itatuwa irin su gawo da kalgo a gona yana yi musu aski. A hagu: kashi nawa cikin ɗari na manoman yankin ke yin sa? A dama: me ya sa wani ya fara ya daina? Idan tambayarka ta ƙi faɗuwa da Hausa a jimla ɗaya, kai ma ba ka gama gane ta ba tukuna.

Layi na gaba shi ne yawan mutane. A hagu lissafi ke yanke hukunci:

```
n = z² × p(1−p) / e²
```

A nan n shi ne yawan manoman da za ka tambaya, z lambar matakin tabbacin da kake so, p kason manoman da kake zaton suna yin abin, e kuma iyakar kuskuren da ka yarda da shi. Idan z ya zama 1,96, p ya zama 0,5, e kuma 0,05, manoma 385 kake bukata, kuma da ƙuri'a za a zaɓo su. A dama kai ne mai zaɓen waɗanda suka san abin, har da mata masu itacen girki da makiyaya, kana ta hira har sai ka daina jin sabon zance. Kada ka fitar da kashi cikin ɗari daga hirar mutum ashirin, masu gyara za su kama ka.

Inda na fi daɗewa da ɗalibi shi ne kalmomi. Ni kaina na taɓa tambayar “gonarka nawa?”, wani ya lissafa gandun gidansu duka, wani ya faɗi gamanarsa kaɗai. Sai da na zo tara alƙaluma na ga ba abu ɗaya suka auna ba, na koma na sake zagaye. A hira za ka ce “Baba, wace gonar kake nufi?” ka gyara nan take, amma takardar tambayoyi ba ta ba ka wannan dama.

Don haka kafin ka buga, ka ba wani abokin karatu Hausar kaɗai ya mayar da ita Faransanci bai ga taka ba. Duk layin da ya saɓa da na asali, ka sake shi, sannan ka gwada takardar a kan manoma goma da ba sa cikin waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa.