Darasi: Yadda Ake Lissafin Nauyin Ƙarfen da Lantarki ke Ɗorawa a Jikin Kaya

Maƙerin fari da ke shafa wa munduwa ko faranti jan ƙarfe ko azurfa da wutar lantarki yana iya sanin giram nawa zai hau jikin kayan tun kafin ya haɗa waya. Abu 4 ne ke yanke wannan nauyi: ƙarfin wutar da ke ratsa ruwan, tsawon lokacin da ta yi tana ratsawa, da cajin da ƙwayar ƙarfen ke ɗauke da shi a cikin ruwa, da kuma nauyin ƙwayar ƙarfen kanta. Masanin kimiyya na Ingila Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a shekarun 1833 da 1834, kuma da ita ake aiki har yau a masana'antun tace jan ƙarfe.

Mu ɗauki aiki guda ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani mai sana'a a unguwar Maƙera Assada yana da ƙaramin farantin tagulla, yana so ya shafa masa jan ƙarfe. Zai narkar da gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, wanda ake kira kofa salfet, a cikin ruwa mai tsabta a roba, a ɗan sa masa asid. Zai rataya farantin a waya, ya haɗa shi da kan batir mai alamar −. A ɗaya gefen robar zai rataya guntun jan ƙarfe tsantsa, ya haɗa shi da kan batir mai alamar +. Tsakanin batir da roba akwai amita, wato na'urar da ke nuna amfiya nawa ke wucewa, amfiya kuwa ita ce ma'aunin ƙarfin wutar da ke ratsawa. Wutar gida ta soket ba ta wannan aiki, domin tana juya alkibla sau da yawa a cikin sakan ɗaya, abin da ta ɗora sai ta kwashe, ga kuma haɗarin kisa. Wuta mai tafiya hanya ɗaya ake buƙata, irin ta batir.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan shi ne tushen lissafin, saboda haka a natsu a nan. Jan ƙarfen da ya narke a ruwa ba cikakken ƙarfe ba ne. Kowace ƙwayarsa ta rasa elektiron 2, wato ƙananan abubuwan da ke ɗauke da wutar lantarki, shi ya sa ake rubuta ta Cu²⁺, a kira ta iyon mai caji 2. Ba za ta koma ƙarfe ta manne a jikin faranti ba sai an maido mata elektiron 2 ɗin nan, kuma batir ne ke kawo su ta waya. Ƙwayar azurfa kuwa elektiron 1 kawai ta rasa, ana rubuta ta Ag⁺. Kamar farashi ne a kasuwa: ƙwayar azurfa kuɗinta 1, ta jan ƙarfe kuɗinta 2, don haka da kuɗi iri ɗaya mai sayen azurfa zai kwashi ƙwayoyi ninki biyu na mai sayen jan ƙarfe.

Da farko a san yawan wutar da ta wuce gaba ɗaya. Ana auna ta da kulom. Amfiya 1 da ta yi sakan 1 tana tafiya ita ce kulom 1, don haka ana ninka amfiya, I, da sakan, t, a sami kulom, Q:

Q = I × t

Mai farantinmu ya daidaita wutarsa a amfiya 2, ya bar ta minti 30. Minti 30 sau 60 ya ba da sakan 1,800. Amfiya 2 sau 1,800 ya ba da kulom 3,600.

Daga nan sai a juya kulom zuwa yawan elektiron. Elektiron ƙanana ne ƙwarai, ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai a dunƙule, kuma dunƙulen da masana suka yarda da shi sunansa mol. Mol 1 na elektiron yana ɗauke da kulom 96,485. Wannan ita ce lambar Faraday, ana rubuta ta F, a lissafin yau da kullum kuma ana cika ta zuwa 96,500. Idan aka raba 3,600 da 96,500 za a sami 0.0373. Wato mol 0.0373 na elektiron ne ya shiga farantin a cikin rabin awar.

Yanzu cajin iyon ya shigo. Tunda kowace ƙwayar jan ƙarfe tana cin elektiron 2, sai a raba 0.0373 gida 2, a sami mol 0.01865 na jan ƙarfe. Mol 1 na jan ƙarfe nauyinsa giram 63.5 ne. Ninka 0.01865 da 63.5, amsa ita ce giram 1.18. Farantin da nauyinsa ya kasance giram 50.00 kafin aiki ya kamata ya fito da nauyin giram 51.18, guntun jan ƙarfen da ke ɗaya gefen kuma ya ragu da kusan wannan adadi, domin shi ne yake narkewa yana cike gurbin abin da ruwan ya bayar.

Ana haɗa waɗannan matakai a layi ɗaya kamar haka:

m = (I × t × M) ÷ (n × F)

A nan m nauyin ƙarfen da ya hau ne a giram, I amfiya, t sakan, M nauyin mol 1 na ƙarfen, n cajin iyon. Ina ba da shawara a fara sabawa da matakan ɗaya bayan ɗaya kafin a koma ga wannan layi, domin wanda ya san dalilin raba lamba gida 2 ba zai manta da rabawar ba.

Da azurfa ce ake shafawa, da wuta iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, elektiron ɗin dai mol 0.0373 ne. Cajin azurfa 1 ne, ba a raba komai. Mol 1 na azurfa giram 108 ne, 0.0373 sau 108 ya ba da giram 4.03. Azurfar ta ninka jan ƙarfen kusan sau 3.4, kuma dalilin biyu ne: ƙwayarta ta fi nauyi sau 1.7, sannan elektiron 1 ya ishe ta. Mai sayen azurfa da kuɗinsa ya kamata ya riƙe wannan lamba da kyau, don rabin awa da ya ƙara a kan abin da aka yi jinga giram 4 ne na azurfa ya tafi. Sai dai ruwan shafen azurfa na masana'antu yawanci yana ɗauke da sayanaid, guba mai kisa nan take, kuma idan asid ya taɓa shi yana fitar da iska mai kisa. A wannan aji lissafin azurfa a takarda za mu yi shi, gwaji kuwa da jan ƙarfe kaɗai, da safar hannu, a wuri mai iska, nesa da yara da kwanukan abinci.

Kulom 3,600 da muka samu daidai yake da amfiya 1 na tsawon awa 1, wanda masu cajin batir suka sani da Ah a jikin batir. To ga gajeriyar hanya: kowane Ah 1 yana ɗora giram 1.18 na jan ƙarfe daga wannan ruwa. Da ita ake juya lissafin baya. Idan mai kaya ya ce giram 5 yake so, a raba 5 da 1.18, a sami kusan Ah 4.2. A amfiya 2, aikin zai ɗauki awa 2 da kamar minti 7.

A lura cewa bolt bai fito ko sau ɗaya a lissafin ba. Bolt turawa yake yi, abin da ya ratsa ruwan shi ne amfiya, kuma ita ake ƙirgawa. Batir mai bolt 12 zai iya ba da amfiya kaɗan ko da yawa, gwargwadon faɗin kayan, da tazarar da ke tsakaninsa da guntun jan ƙarfen, da kaurin ruwan. Wanda ba shi da amita ba shi da abin da zai sa a wurin I.

Idan an gama, a ɗauraye farantin, a bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗora shi a kan ma'auni irin na masu sayar da zinariya, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Da wuya ma'auni ya nuna 1.18 cif. A ce ya nuna ƙarin giram 1.12. Raba 1.12 da 1.18 ya ba da kashi 95 cikin 100, kuma wannan aiki ne mai kyau. Lissafin yana faɗin iyakar abin da wutar za ta iya ɗorawa ne idan kowane elektiron ya tafi ga jan ƙarfe. Wasu sukan tafi ga wani aiki, musamman fitar da iskar haidurojin, kuma ana gane haka da ido: ƙananan kumfa suna tashi daga jikin farantin. Yawan kumfa alama ce ta cewa wuta ta yi wa faɗin kayan yawa, ko jan ƙarfen da ke ruwan ya yi ƙaranci.

Akwai kuma wanda zai ga awa 2 ta yi masa tsawo, ya ɗaga wuta zuwa amfiya 10 don ya gama da wuri. A takarda lissafin ya yarda. A roba kuwa, iyon ba sa isowa jikin kayan da saurin da wutar ke nema, sai shafen ya fito baƙi-baƙi, garas-garas, musamman a gefuna da kusurwoyi, yana zubewa kamar gari idan an goga. Ƙarfen ya sauka, amma ƙasan roba ya tafi. Ga irin wannan ruwa, amfiya 2 ta dace da kayan da faɗin jikinsa, gaba da baya, ya kai santimita 10 sau 10. A kan wannan faɗi, giram 1.18 shafe ne mai kaurin kusan kashi 13 cikin 1,000 na milimita.

Girman bambancin da ke tsakanin takarda da ma'auni yakan nuna inda matsalar take. Idan amsar takarda ta fi ta ma'auni ninki biyu daidai, an manta raba ta da cajin iyon. Idan ta gaza sau 60, an sa minti a wurin sakan. Idan ma'auni ya ɗan wuce takarda, ko dai kayan bai bushe ba, ko gishirin shuɗi ya bushe a jikinsa don ba a ɗauraye ba, ko kuma amitar na nuna ƙasa da gaskiya. Batir ma yana rauni yayin da ake aiki, amfiya 2 ta koma 1.8 ba tare da an lura ba. Maganin wannan shi ne a duba amita duk bayan minti 5, a rubuta, a haɗa lambobin a raba da yawansu, a yi lissafi da matsakaicin.

Aikin gida. Na ɗaya: an shafa nikel, mai caji 2 da nauyin mol giram 58.7, da amfiya 4 na minti 45. Giram nawa zai hau? Na biyu: azurfa, amfiya 0.5, awa 1. Na uku: an shafa jan ƙarfe da amfiya 3 na awa 1, ma'auni ya nuna ƙarin giram 3.2. Kashi nawa cikin 100 na wutar ya yi aikin shafe? Bayan an gwada da kalkuleta ta waya, a duba a nan: ta ɗaya giram 3.28, ta biyu giram 2.01, ta uku kashi 90, domin takarda ta ba da giram 3.55.