Kurakuran da ma'aji ke yi wajen tsara masu sa hannu a asusun ƙungiya

Kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta wa banki cewa "kowane biyu daga cikin huɗu za su iya sa hannu". A ido kamar tsaro ne. Amma idan shugaba da mataimakinsa aminai ne, ko surukai, su biyu sun isa su kwashe asusun kai ma'aji ba ka sani ba, kuma banki bai yi laifi ba, domin abin da ke katin mandet ya bi, wato takardar da ke nuna wa banki waɗanda za su sa hannu da yadda za su sa.

Gyaran shi ne a raba su rukuni biyu, bankunan Najeriya kuma sun saba da wannan. Shugaba da mataimaki su zama rukunin A, ma'aji da sakataren kuɗi su zama rukunin B, a rubuta cewa dole sai ɗaya daga A da ɗaya daga B. Kada a sa 'yan gida ɗaya a rukunan biyu.

Sai batun iyaka. A ce ƙungiyar 'yan kasuwa ta yanke cewa duk abin da ya kai naira 200,000 sai mutum uku sun sa hannu. Mai son kuɗin rufin ofis na 570,000 ya wuce ba tare da na ukun ba, sai ya rubuta cek uku na 190,000. Kowane cek bai karya doka ba. Alamar da za ka gane ita ce kuɗi iri ɗaya, ga mutum ɗaya, cikin kwanaki kaɗan, duk dab da iyaka. Don haka a rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa da jimillar aikin ake auna iyaka, kuma kowane cek sai an haɗa shi da takardar amincewar kwamiti. Banki ba zai duba maka wannan ba, cek ɗaya-ɗaya yake kallo.

Wanda ya fi damuna shi ne sa hannu a cek da ba a cike ba, wai shugaba zai tafi Umara. Da zarar ya yi haka, asusun ya koma hannun mutum ɗaya. Ai amfanin mataimaki ke nan.

Haka katin cirar kuɗi: mai riƙe da shi ba ya neman izinin kowa, gara kada a karɓa. Idan za a riƙa tura kuɗi ta intanet, a nemi tsarin da mutum ɗaya ke shigar da biyan, wani dabam ya amince daga tasa wayar. Saƙon alat kuma ya riƙa zuwa har ga mai binciken kuɗi, wanda ba ya cikin masu sa hannu.

Bayan zaɓe, a kai wa banki takardar ƙudurin taro a makon. Kafin a canza katin mandet, sa hannun tsohon shugaba yana nan yana aiki.