Yadda ake koya wa 'yan agajin taro tarbar baƙi da gano mai buƙatar taimako ba tare da an kunyata shi ba

Na daɗe ina cikin masu shirya walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu, kuma abin da ya fi ba ni wahala duk shekara ba kujeru ba ne ba kuma abinci ba, yaran da muke sawa a bakin ƙofa ne. Suna da ladabi, sun iya gaisuwa, amma sai a tashi taro ka ji an ce wata tsohuwa ta yi awa biyu a tsaye a rana ba wanda ya gan ta. Toh ga yadda nake koya musu yanzu, zama ɗaya ne na kamar minti 40 ana gobe taro, a wurin da za a yi taron, ba a aji ba.

Farko ina raba su biyu-biyu, maza a ƙofar maza, mata a ƙofar mata. Ɗaya shi ne mai gaisuwa, ɗayan ya ja baya kamar taku uku, aikinsa kallo kawai. Dalili kuwa wanda yake ta "sannu da zuwa, an zo lafiya" hankalinsa na kan fuskar wanda ke gabansa, ba zai ga dattijon da ya tsaya can gefe ya dafa bango ba. Bayan rabin awa su yi musanya, don ido ma yana gajiya.

Gaisuwar kanta ba na ɓata lokaci a kanta, sun taso da ita. Abin da nake ƙarawa shi ne a haɗa ta da bayani tun kafin a tambaya: "Sannu da zuwa Hajiya, rumfar mata tana dama, ruwa na nan kusa da ƙofa, banɗaki kuma yana bayan ajin can." A faɗa wa kowa haka, babba da yaro. Akwai mata da yawa da gara su matse har a tashi da su buɗe baki su tambayi ina banɗaki yake, in an riga an faɗa musu an raba su da wannan nauyin.

Sai babban darasin, wanda nake maimaita musu har su gaji da ni: Bahaushe ko yana jin jiri, ka ce masa ya gida zai ce maka lafiya lau. Ka ce Baba akwai matsala ne, zai ce ba komai. Saboda haka amsar baki ba ta gaya maka komai, jiki za ka duba. Ina ce musu su fara da ƙafa, wa yake jan ƙafa, wa ya shigo ya tsaya cak bai san inda zai nufa ba. Sai hannu, wa yake dafa kujera ko bango, wa hannunsa ke rawa, wace ce ta goyo ɗaya ta riƙe ɗaya ga kuma jaka. Sai ido, mai waige-waige yana neman wani ne, ko ya ɓace ko an ɓace masa. Kuma kallon na sata ne, ka duba ka kawar da kai ka sake dubawa, kar ka ƙura wa mutum ido har ya tsargu, kar kuma ka nuna shi da yatsa.

In an gano mutum, yadda za a tunkare shi shi ne inda yara suka fi yin kuskure. Kar a tambaye shi ko yana son taimako, a kawo masa abin kawai kamar dama haka aka tsara. Bari in ba da misali da abin da ya faru a walimarmu a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano. Wata yarinya cikin masu kallo ta lura da wata dattijuwa a bayan rumfa, tana tsaye, kujeru sun ƙare, tana ta fifita da gefen mayafi, zufa ta jiƙa mata fuska, jifa-jifa tana lumshe ido. Ba ta ce mata Iya ba ki da lafiya ne ba. Ta je ta ɗauko kujera ɗaya daga cikin guda goma da muke ɓoyewa a aji saboda irin haka, ta ajiye a inuwa, ta rusuna ta ce "Iya ga wurinki nan an tanadar miki, ki zauna in kawo miki ruwa." Ta zauna, ta sha fiya wata, sai a lokacin yarinyar ta tambaye ta a hankali ko ta karya. Ashe tun asuba ba ta ci komai ba, ta sha maganin ciwon suga ta fito don kar ta makara, jikanta ne zai yi sauka. Aka ba ta lemo mai zaƙi, bayan kamar minti 15 ta dawo daidai, aka kawo mata abinci. Waɗanda ke zaune kusa da ita ma ba su san an yi wani abu ba.

Daga nan nake shata musu iyaka, don ɗan agajin ƙofa ba likita ba ne. In mutum ya fara magana ba kan gado, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya faɗi, ba sauran batun sirri, ɗaya ya tsaya da shi ɗaya ya ruga ya kira ma'aikacin lafiyar da muka gayyata. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa ko lemo a baki, zai iya shaƙewa. Mai farfaɗiya ba a danne shi, ba a cusa masa cokali, a janye kujeru daga kusa da shi, in jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. Kowa kuma ya san wace mota ce aka ware da inda direbanta yake zaune, tun kafin a fara.

Yaron da ya ɓace, a durƙusa daidai tsayinsa a yi masa magana, a kai shi wuri ɗaya da aka ware kusa da mai lasifika, kar a yi ta yawo da shi cikin taro ana neman uwarsa alhali ita ma tana yawon nemansa. Wanda ya zo karɓa, a bari a ga yaron ya gane shi tukuna. Makaho kuma a fara yi masa sallama a faɗi ko wane ne, a tambaye shi yadda ya fi son a yi masa jagora, kar a fizgi sandarsa ko hannunsa kawai.

Minti goma na ƙarshe gwaji muke yi. Ina sa mutum biyar su shigo ta ƙofa a jere, na riga na raɗa wa ɗaya cewa ya riƙa dafa bango, wani kuma ya yi ta waige, sauran su shigo yadda suka saba. Sai in tambayi mai kallo wa ka gani, me ka gani a jikinsa, me za ka ce masa. Zagayen farko yawanci mai waigen kawai suke kamawa, mai dafa bango ya wuce su. Sai mu sake, a canza mutane, har sai kowa ya kama duka biyun kuma ya faɗi maganarsa da muryar da na kusa ba zai ji ba.