Yadda na gyara rikicin hutun ƙarin aiki

A wurin aikinmu ba a biyan kuɗin obataim, hutu ake ba mutum a madadinsa. Lissafina ya nuna awa 14, na shugabata kuma 10. Da muka zauna, sai muka gano inda gizo ke saƙa: Asabar ɗin da na yi awa 8, ni na lissafa kowace awa ɗaya da rabi kamar yadda yarjejeniyarmu ta ce, ita kuwa ta rubuta 8 kawai. Ga awa 4 ɗin da suka ɓata.

Yanzu takarda ɗaya muke amfani da ita: kwanan wata, awannin da na yi, ninkinsu, waɗanda na ci, da ragowar. Duk Juma'a take sa hannu, tun kafin mantuwa ta shiga.