Bulok, fayil da objekt: inda masu fara koyo suke yawan yin kuskure wajen ajiye bayanai

Yawancin wanda ya fara koyon harkar saba, wato kwamfutar da take ɗauke da shafi ko manhaja, da kuma kilawud, wato hayar kwamfuta da ma'ajiya ta intanet, da zarar ya ji an ce ma'ajiya iri uku ce, bulok da fayil da objekt, sai ya ɗauka ai duk wurin zuba kaya ne kawai farashi ne ya bambanta, sai ya duba wanda ya fi araha ya ɗauka. To daga nan matsalar take farawa, saboda bambancinsu yana wajen yadda kake miƙa kaya da yadda kake karɓo su, kuma kowanne akwai aikin da in ka ɗora masa sai ya ba ka kunya.

Mu ɗauka kana kasuwa kana neman inda za ka ajiye kayanka. Bulok shi ne ka kama hayar shago fanko, babu kanta babu komai sai daɓe da aka yanka gida-gida daidai wa daida kowane gida da lambarsa, kai za ka kira kafinta ya buga maka kanta yadda kake so kuma makullin yana hannunka kai kaɗai. Fayil kuma sito ne na haɗaka wanda an riga an buga kantoci an rubuta suna a kowane layi, akwai mai kula da shi, ƴan kasuwa da yawa suna shiga su ɗauka su ajiye. Objekt shi ne mai karɓar ajiya a bakin tasha, ka ɗaure kayanka a kwali ka miƙa masa ya rubuta suna a jiki ya ba ka takarda, ba ka shiga ciki, ba ka san inda ya sa shi ba, ranar da ka dawo ka nuna takarda ya miƙo maka kwalinka yadda ka ba shi. A wajen Amazon sunayensu EBS da EFS da S3, a jere kamar yadda na faɗe su, sauran kamfanoni ma suna da nasu da wasu sunayen amma tsarin ɗaya ne.

Kuskuren farko, mutum ya sayi bulok ya haɗa da sabarsa sai ya shiga nema bai ga komai ba, ya ce an cuce shi. Ba a cuce ka ba malam, shago fanko aka ba ka. Faifan kwamfuta shi bai san wani abu wai shi hoto ko folda ba, abin da ya sani gidaje ne masu lamba, kowanne bayit 512 ko 4096, ka ce masa rubuta a gida kaza ko karanto min gida kaza, shi ke nan iyakar iliminsa. Wanda yake sanin cewa hoton nan yana gida kaza zuwa kaza shi ne tsarin fayil, irin su NTFS a Windows ko ext4 da XFS a Linux, kuma kai za ka ɗora shi. A Linux abin bai fi haka ba:

```
lsblk -f
sudo mkfs.ext4 /dev/nvme1n1
sudo mkdir /data
sudo mount /dev/nvme1n1 /data
```

Amma fa a kula, layin farko shi ne mafi muhimmanci duk da shi ake tsallakewa. Yana nuna maka faifan da ke jikin saba da ko akwai tsarin fayil a kansu. In ka ga an riga an rubuta ext4 ko xfs a gaban sunan faifan to kar ka kuskura ka buga mkfs a kansa, fomatin ne, zai share taswirar inda kayan suke gaba ɗaya. Kuma sunan nvme1n1 ɗin nan misali ne, naka zai iya bambanta, kar ka kwafa ido rufe. Sannan in ba ka sa faifan a /etc/fstab ba, wato fayil ɗin da Linux yake dubawa ya haɗa faifai duk lokacin da ya tashi, ranar da saba ta mutu ta tashi za ka ga /data wayam, kayan suna nan lafiya, haɗawar ce kawai ba a sake yi ba.

Na biyu ya fi ciwo, kuma bari in yi shi da misali don a gane. A ce ka yi wa wata makaranta shafin duba sakamako, ɗalibai 2000 kowa yana ɗora hoton fasfo, manhajar tana ajiye hotunan a /data/hotuna a kan bulok ɗin sabar. Komai lafiya har ranar da aka saki sakamako jama'a suka yi yawa, sai ka ƙara saba ta biyu don a raba nauyi. Washegari ƙorafi ya fara shigowa, wannan ya ce hotona yana fitowa wani lokaci wani lokaci kuma ba ya fitowa, in ya sake loda shafin sai ya dawo. Wannan alamar ka riƙe ta da kyau, abu ya fito ya ɓace ya sake fitowa, kusan kullum ma'anarta kayan suna kan saba ɗaya ne ita kuma ɗayar ba ta da su, duk wanda aka tura shi ta biyun sai ya ga babu.

Abin da mai koyo yake fara tunani shi ne to ai sai in haɗa faifan nan guda ɗaya da sabobin biyu. Nan ne ake yin ɓarnar gaske. ext4 da NTFS an gina su ne a kan cewa kwamfuta ɗaya ce take riƙe da faifan, kowace saba tana riƙe da lissafinta a ƙwaƙwalwarta na gidajen da babu kowa, sai ta ɗaya ta ga gida kaza fanko ne ta rubuta hoton wani a ciki, ta biyu ita ma a nata lissafin fanko ne sai ta rubuta nata a kai, kafin ka ankara fayiloli sun dagule har tsarin kansa ya lalace. Akwai tsarin fayil na musamman da aka yi don irin wannan haɗakar, irin GFS2, amma ba aikin ɗan koyo ba ne. Gyaran mai sauƙi biyu ne. In manhajar tsohuwa ce wadda ba ta iya komai ba sai rubutu a folda, ka koma ma'ajiyar fayil, NFS a Linux ko SMB a Windows, sabobin biyu su ga folda ɗaya, kuma akwai mai kula a tsakiya da yake tsara wa ya rubuta me. In kuma kana da ikon taɓa manhajar, ni a ganina hotunan nan objekt ne gidansu, hoton fasfo sau ɗaya ake ɗora shi sannan a yi ta kallonsa, babu mai gyara tsakiyarsa, ka zuba su a bokitin S3, wato mazubin da ake buɗe maka a can, ka ajiye sunan kowanne a rumbun bayanai, ko sabobi goma ka ƙara duk wuri ɗaya za su je su karɓo.

Sai na uku, wanda ya ɗanɗana arahar objekt sai ya ce to har rumbun bayanan ma bari in mayar can. A'a. Ka tuna kwalin nan a ɗaure yake, in kana son canza abu ɗaya a ciki sai ka karɓo shi ka gyara ka sake miƙa sabon kwali gaba ɗaya ya maye gurbin tsohon. Rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL kuwa aikinsa ke nan dare da rana, ya canza makin ɗalibi ɗaya a tsakiyar ƙaton fayil, ɗan gyaran da bai fi kilobayit kaɗan ba, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Ka yi tunanin fayil mai gigabayit 5 a ce duk canjin maki ɗaya sai an sake tura gigabayit 5 ɗin. Shi ya sa rumbun bayanai bulok yake so, shi ne yake barinka ka taɓa gida ɗaya tak ka bar sauran kuma da sauri. Akwai manhajoji irin s3fs da suke sa bokiti ya fito kamar folda a kwamfutarka, suna da amfani in kwafar fayiloli za ka yi, amma a ƙarƙashi kwalin nan ne dai, kar ka ɗora rumbun bayanai a kai. Bakof ɗin rumbun kuwa, wato kwafin da kake cirewa kowane dare, wannan kam objekt ya dace da shi sosai tunda sau ɗaya ake rubuta shi.

Akwai wani ƙaramin ruɗani da yake biyo bayan wannan, wato foldojin da kake gani a shafin S3. Babu folda a can a zahiri. In ka ga hotuna/2024/aji1/0001.jpg to duk wannan dogon abin sunan kwalin ne guda ɗaya, shafin ne kawai yake yanka shi a inda ya ga / don ido ya ji daɗi. A ma'ajiyar fayil in ka canza sunan folda abu ɗaya aka gyara, nan take an gama ko fayil nawa ne a ciki. A objekt kuwa in hotuna 2000 ne a ƙarƙashin sunan, kwafa 2000 za a yi da sabon suna sannan a goge 2000, yana ɗaukar lokaci, ana cajin kowace kwafa, kuma in abin ya yanke a tsakiya rabi suna can rabi suna nan. Don haka ka zauna ka tsara sunayen tun kafin ka fara zubawa.

Maganar kuɗi ma ana shan mamaki. A bulok girman da ka kama ake caja, ka ɗauki gigabayit 500 ka zuba 20 to kuɗin 500 za ka biya, kuma ko ka kashe saba in dai ba ka goge faifan ba lissafi yana tafiya. EBS ana iya ƙara masa girma amma ba a rage shi kai tsaye, gara ka fara da kaɗan. A objekt abin da ka zuba kawai ake caja, sai dai akwai kuɗin buƙatu da kuɗin fitar da bayanai zuwa intanet, wanda in bidiyo kake rabawa zai iya fin kuɗin ajiyar kansa.

Na ƙarshe shi ne ɗaukar cewa tunda kamfani ya ce yana ajiye kwafi da yawa to ba sai na yi bakof ba. Gaskiya ne S3 yana ajiye kayanka a wurare daban-daban don kar mutuwar faifai ɗaya ta shafe ka, amma in kai da hannunka ka goge hoto ko manhajarka ta ɗora wani a kan sunansa, duk kwafin nan tare suke tafiya. Sabon bokiti kuma Versioning a kashe yake zuwa, sai ka shiga ka kunna shi da kanka, daga nan ne in an goge ko an maye gurbin abu tsohon yana nan za ka iya dawo da shi, amma ka sani tsofaffin ma ana cajin ajiyarsu, sai ka sa doka ta riƙa share waɗanda suka wuce kwana 30 ko 90. Bulok kuma ka riƙa ɗaukar masa Snapshot, wato kwafin faifan yadda yake a wannan lokacin, a kai a kai, sannan lokaci-lokaci ka ɗauki ɗaya ka haɗa sabon faifai da shi a wata sabar gwaji ka buɗe rumbun bayanan ka ga ko makin ɗaliban yana nan daidai.