Darasi na 7: Sunan da ke sama da adireshin da ke ƙasa

Wata ɗalibar ajinmu, mai sayar da atamfa a kasuwar Taminus ta Jos, ta zo da wayarta a hannu tun kafin ta zauna. Ɗanta ne ya turo mata hoton wani saƙon imel. A saman hoton an rubuta sunan Jami'ar Jos da manyan baƙaƙe, saƙon kuma yana cewa a biya naira 45,000 kafin Juma'a, in ba haka ba gurbin karatu ya wuce shi. Ta ce, "Malam, ai ga sunan jami'ar nan ƙarara." Na ce, "Hajiya, sunan na gani. Adireshin fa?"

Kowane saƙon imel yana da layin da ake kira From, wato daga wa. Abu biyu ne a wannan layin. Na farko suna ne, wanda mai aikawa yake rubuta wa kansa, kuma ba mai hana shi rubuta abin da ya ga dama, kamar yadda kowa zai iya rubuta sunan wani a bayan ambulan. Na biyu shi ne adireshi, mai alamar @ a tsakiya. Matsalar ita ce waya takan nuna sunan kaɗai, ta ɓoye adireshin. Hoton da aka turo wa Hajiya haka yake, don haka bai tabbatar da komai ba.

Muka kira yaron. Na ce ya buɗe saƙon a Gmail, ya taɓa 'yar kibiyar da ke kusa da "to me" a ƙarƙashin sunan, sannan ya sake ɗaukar hoto. Ga abin da ya fito. Na sauya sunan gidan masu saƙon da example.com da example.net, waɗanda aka keɓe domin misali.

```
From: University of Jos <admissions@unijos.edu.ng.example.com>
Reply-To: desk45@example.net
```

Yanzu ku sa yatsa a kan alamar @. Abin da ke hagunta kada ya ɗauke muku hankali, domin kalma irin admissions kowa na iya zaɓa. Abin da ke damanta shi ne sunan gidan da saƙon ya ce ya fito, kuma daga ƙarshe ake karanta shi, a dawo baya. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa, har da masu digiri. Ido yana ganin unijos.edu.ng sai zuciya ta kwanta, alhali rubutun bai ƙare ba. Akwai ɗigo, sannan example.com. Wannan na ƙarshen shi ne mai gida, duk abin da ke gabansa kuwa mai gidan ne ya liƙa da hannunsa. Adireshin jami'ar na gaskiya da unijos.edu.ng yake ƙarewa, ba ko harafi ɗaya bayansa. Haka na yawancin hukumomin gwamnati da gov.ng suke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng. Ku karanta harafi bayan harafi, don r da n idan suka haɗu a ƙaramin allo suna kama da m.

Layi na biyu, Reply-To, yana nuna inda amsarku za ta tafi. A nan wani gida ne dabam. Akwai ofisoshin da ke yin haka da dalili, amma in aka haɗa shi da neman kuɗi cikin gaggawa, ni ban yarda da saƙon ba.

Ko adireshin From ɗin ma ana iya ƙirƙirarsa. Shi ya sa a kwamfuta, idan aka danna wannan kibiyar, Gmail yakan ƙara layi biyu, mailed-by da signed-by. Su ne shaidar gidan da ya ɗauko saƙon da wanda ya sa masa hannu. Idan signed-by ya yi daidai da abin da ke bayan @, saƙon daga wannan gidan yake. Sai dai ku lura, ɗan damfara ma yana iya sa hannu da sunan gidansa, saboda haka sai kun fara tabbatar da cewa gidan ne na gaskiya.

Hoto kuma hoto ne, ana yanke shi, ana gyara rubutun cikinsa. In kuɗi zai fita, a buɗe saƙon a kan wayar da ya shigo, a gani da ido. Hajiya ba ta tura ko kwabo ba. Washegari yaron ya je ofishin jami'ar da ƙafarsa ya tambaya.

Aikin gida: buɗe saƙonni 3 a wayarka ko ta wani na gida. A littafinka, rubuta sunan mai aikawa a hagu, adireshinsa a dama, sannan ka ja layi ƙarƙashin abin da ke bayan @. Ka zo da shi aji ranar Asabar.